Yadda Na Yi Mata Barka da Sallah Ba Tare da Na Takura Ta Ba

Saƙon da na tura bai kai kalma hamsin ba, amma ya ci min kwana goma sha ɗaya kafin in danna shi, ya kuma ci min wuni guda da dare guda kafin in ga amsarsa. Ina rubuta wannan ne saboda na san akwai irina da yawa, masu riƙe da lambar wata a waya, Sallah na ƙaratowa, suna so su gaishe ta gaisuwar da za ta fahimci akwai wani abu a ƙarƙashinta, amma suna tsoron zubar da mutunci, nasu da nata.

Mun haɗu ne a wani kwas na ƙarshen mako da muka yi na wata shida. Mu kusan talatin ne a ajin, muna da zaure a WhatsApp inda ake tura darasi da sanarwa. Maganar da ta taɓa haɗa mu ni da ita ba ta wuce ta karatu ba. Sau ɗaya na yi fashin zuwa, ita ce ta turo min abin da aka yi ta lambata kai tsaye, na yi godiya, shi ke nan. Na ambaci wannan ne don yana da nauyi a abin da ya biyo baya: lambarta ba daga zaure na tsinto ta ba, ita ta fara yi min magana da ita. Da a ce cirota na yi daga jerin 'yan zaure, da gaisuwar tawa ta fara da tambayar da babu namijin da ke son ji, wato wa ya ba ka lambata. A cikin azumi wani ɗan ajinmu ya kwanta rashin lafiya, aka ce a haɗa masa gudummawa, aka ɗora mata riƙon kuɗin. Kullum da daddare sai ta turo lissafi a zaure, abin da ya shigo da abin da ya fita, har ranar da aka rufe ba wanda ya yi ƙorafi. Daman ta kwanta min a rai, amma wannan ne ya sa na daina yi wa kaina ƙarya cewa burge ni kawai take yi.

Ranar 20 ga Ramadan na yanke shawarar cewa Sallah ce damata. Dalilina mai sauƙi ne. A sauran ranaku in na tura mata saƙo sai na nemo hujja, ita ma ta san hujjar ƙirƙira ce. Ranar Sallah kuwa kowa yana gaida kowa, ba wanda zai ce me ya kawo ka. Matsalar ita ce wannan sauƙin shi ne kuma cikas ɗin, domin in kowa yana gaida kowa, gaisuwarka ɗaya ce cikin ɗari, za ta amsa da amin ta wuce. Abin da nake nema shi ne saƙon da zai tsaya a matsayin barka da Sallah cikakkiya ga duk wanda ya karanta, amma ita in ta karanta ta ɗan dakata.

Wurin da na fara zuwa ba waya ba ce. Na je wajen yayata, wadda ta girme ni da shekara bakwai, na zayyana mata komai ina kallon ƙasa. Ta bar ni na gama, sannan ta jefo tambayar da ban shirya mata ba. Ta ce, "To kai yanzu ka san ko akwai maganar wani a kanta?" Na ce ban sani ba, ban ga alama ba. Ta ce, "Alamar me kake jira ka gani, a goshi ake rubutawa? Je ka gano tukuna, kafin nan kada ka rubuta ko harafi ɗaya." Ta tuna min cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nemi aure a kan neman ɗan'uwansa, kuma ta ce ko da ishara ce, in an riga an tsayar da magana da wani, to isharar taka shiga gona ce. Wannan binciken ya ɗauki kwana huɗu. Akwai wata matar aure a ajinmu da muke gaisawa sosai, tana shiri da ita. Na kira ta na ce, "Hajiya, tambaya zan yi, ki rufa min asiri." Ta yi dariya kafin ma in faɗi suna. Bayan kwana huɗu ta ce min, iyakar saninta babu tsayayye, an taɓa yin wata magana bara amma ta watse. Na roƙe ta kada ta faɗa mata na tambaya. Ko ta cika alkawari ko ba ta cika ba, har yau ban bincika ba.

A daren 25 na yi istihara, raka'a biyu da addu'ar da aka sani. Ban yi mafarkin komai ba, kuma daman malamai ba su ce sai an yi mafarki ba. Abin da na lura shi ne na tashi ban ji niyyata ta ragu ba. Washegari bayan tafsiri na tsaya na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da malamin na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta mutum ya nuna wa mace yana sonta da aure ta hanyar ishara, ba tare da ya fito fili ba?" Ya ce wannan ai yana da suna a fiƙihu, ta'arili, kuma ya karanto min aya ta 235 a Suratul Baƙara. Ya bayyana min cewa ayar tana magana ne a kan matar da ke takaba, wadda ba a yarda a nemi aurenta a fili ba sai ta gama idda, amma aka yarda a yi mata ishara. Ya ce an ruwaito daga Ibn Abbas cewa misalin isharar shi ne mutum ya ce ina son in yi aure, ina ma Allah ya haɗa ni da mace ta gari. Sai ya ƙara da cewa wadda ba ta da aure kuma ba ta cikin idda, ba abin da ya hana a fito mata fili ta hanyar da ta dace, don haka ni ishara ba wajibi ba ce a kaina, zaɓi ne. Ya dube ni ya ce, "Abin da zan ja maka kunne a kai guda ne. Ishara ƙofa ce, ba ɗaki ba. Kada ka mayar da ita wurin zama." Na tafi ina juya misalin Ibn Abbas a kaina. Abin da na gano a cikinsa shi ne mai maganar bai ɗora wa matar komai ba. Halin kansa ya faɗa. In ta so ta ɗauka da ita ake, in ba ta so ba ta bar maganar ta wuce, kuma ba wanda ya ji kunya.

Daga nan na shiga rubutu, kuma a nan ne na fi shan wahala. Ina rubutawa a wurin ajiye bayanai na waya, ban yarda in rubuta a cikin akwatin hirarmu ba, don in kana rubutu a can ita tana iya ganin alamar kana rubutawa, ga kuma haɗarin yatsa ya zame. Na farko da na rubuta ya kai layi goma sha biyar. Akwai wata a ciki, akwai taurari, akwai maganar cewa kowa yana murnar ganin jinjirin wata ni kuwa nawa watan na riga na gani. A lokacin na ɗauka na yi abin kirki. Na kai wa Yaya, ta karanta rabi ta miƙo min wayata. Ta ce, "Wannan ba barka da Sallah ba ce, wasiƙar soyayya ce ka ɗaura mata rawani. Ka tuna ranar Sallah wayar mace ba a hannunta kaɗai take wuni ba. Ƙanne na ɗaukar hoto da ita, 'yan'uwa na zaune gefe. In wannan ya faɗo a fuskar waya ƙanwarta ta karanta da ƙarfi, da wane ido za ta kalli mutane?" Wannan ya zama ma'aunina na farko: in mahaifiyarta ta karanta saƙon, kada a sami kalmar da za ta sa yarinyar ta sunkuyar da kai.

Na biyu sai na gudu ɗaya gefen. Na rubuta barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana, na tsaya. Yaya ta ce wannan ko mai gyaran wayarka za ka iya tura wa. Gaskiyarta. Irin wannan saƙon in ya shigo, mutum yana ɗauka cikin jerin mutane aka watsa shi, musamman da yake WhatsApp yana ba da damar tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa lokaci guda kowa ya gan shi kamar nasa ne shi kaɗai. In kuma kati ne ko hoto da aka tura daga wani wuri, alamar Forwarded tana zaune a samansa tana tona maka asiri.

Na uku shi ne wanda na fi so, kuma shi ne wanda na fi gode wa Allah da ban tura ba. Na rubuta gaisuwa mai kyau, na rufe da cewa Allah ya nuna mana ta baɗi muna gida ɗaya. Na ga kamar na yi dabara, tunda addu'a ce, wa zai yi fushi da addu'a? Yaya ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Me ake cewa in an yi addu'a?" Na ce amin. Ta ce, "To ka gani. In ta ce amin, ta amsa maka aure a saƙon farko. In ta ƙi cewa amin, ta zama wadda aka yi wa addu'a ranar Sallah ta ƙi amsawa. Ka kafa mata tarko ke nan. Mace mai hankali in ta ga irin wannan, shiru za ta yi, kai kuma ka zauna kana cewa ta wulaƙanta ka." Ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba. Maza da yawa muna ɓoye buƙata a cikin addu'a muna ganin ladabi ne, alhali mun toshe wa mutum hanyar fita. Tun daga ranar na raba abu biyu: addu'ar da ke cikin saƙon ta zama wadda za ta iya cewa amin a kanta ko da ba ta sona ko kaɗan, ishara kuma ta zauna a jimla dabam wadda ba ta neman amsa.

Sai a daren 29, ana jiran labarin ganin wata, na samu abin da nake nema. Na tambayi kaina, me na sani game da ita wanda ba kowa zai faɗa ba, kuma ba jikinta ya shafa ba? Amsar tana gabana tun farko, riƙon kuɗin gudummawar nan. Ga abin da na rubuta: "Assalamu alaikum Malama. Barka da Sallah. Taƙabbalallahu minna wa minkum. Cikin abubuwan da na gode wa Allah a kansu a wannan azumin har da sanin mutum mai riƙon amana irinki. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. A gaida mutanen gida." Na sa sunana a ƙasa, ko da ba ta ajiye lambata ba. Kalmar taƙabbalallahu minna wa minkum na zaɓe ta ne don an ruwaito cewa sahabbai suna faɗa wa juna ita in sun haɗu ranar Idi, ma'anarta Allah ya karɓa mana ya karɓa muku, kuma tana ba saƙon nauyin da zai hana a ɗauke shi wasa. Isharar duka tana cikin jimla ta huɗu. Ban ce ina sonki ba, ban ce kin yi kyau ba, ban tambaye ta komai ba. Na faɗi halin da nake ciki ne kawai, cewa saninta ni'ima ce a wurina. Yaya ta karanta sau biyu ta ce in cire alamar zuciya da na liƙa a ƙarshe. Na ce ai kore ce, ba ja ba. Ta ce ko fara ce in cire. Na cire.

Ba a ga wata a daren ba, aka cika talatin, na sami ƙarin kwana guda na zullumi. A wannan kwanan ne na tsayar da lokacin turawa. Na so in tura da daddare da zarar an sanar, don in zama na farko. Na fasa, saboda saƙon namiji ga macen da ba muharramarsa ba da tsakar dare yana ɗauke da wata ma'ana ko da abin da ke cikinsa tsarkakakke ne, ga shi kuma a daren ne saƙonni suke kwarara kamar ruwa. Da sassafe kuma kowa yana shirin fita Idi. Na bari aka sauko, na gaida iyayena da 'yan'uwa, ƙarfe 11:20 na kwafo saƙon na liƙa, na sake karantawa, na yi bismilla na danna.

Alama ɗaya ta fito, wato saƙon ya bar wayata amma bai isa tata ba. Haka ta zauna har bayan La'asar. Na san ma'anarta, ko dai wayar a kashe take ko ba ta buɗe data ba, amma sanin bai hana zuciyata kawo min cewa ko toshe ni aka yi ba, mutumin da bai taɓa yin laifin komai ba. Wajen ƙarfe biyar alamar ta zama biyu, masu launin toka. Ba su zama shuɗi ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ta kashe abin da ke nuna an karanta saƙo, wanda a cikin saitin ake kira Read receipts, don haka ko ta karanta sau goma ba zan gani ba. Na wuni ina amsa gaisuwar mutane da rabin hankali. Duk ƙarar da waya ta yi sai gabana ya faɗi, in duba in ga wani abokin firamare ne ya turo hoton raƙumi da fitila.

Da misalin ƙarfe tara na dare na tafka kuskuren da ya kusa rusa komai. Na ga ta ɗora hoton gaisuwar Sallah a Status. Nan take na ce ashe tana riƙe da waya, ta ga saƙona ta share. Ban yi shawara da kowa ba na rubuta, "Ko saƙona bai shigo ba?" na tura. Kafin minti ɗaya ya cika na gane abin da na yi. Saƙon farko na gina shi ne a kan kada ya nemi amsa, ga shi na biyo shi da takardar bin bashi. Na yi sauri na danna Delete for everyone. Sai ga abin da na manta: gogewar tana barin shaida, a wurinta za ta ga an rubuta This message was deleted. Yanzu ke nan a ƙarƙashin gaisuwata mai natsuwa akwai tabon da ke cewa mai wannan saƙon ya faɗi wani abu da ƙarfe tara na dare ya janye. Na kira Yaya. Ta ce, "Magana zarar bunu ce, ka riga ka zara. Ajiye wayar nan ka kwanta, kuma in ka ƙara tura wani abu kada ka sake zuwa min da maganar." Barcin da na yi a daren bai taka kara ya karya ba.

Amsa ta zo washegari bayan Azahar, kusan awa ashirin da bakwai da turawa. Ta rubuta: "Wa alaikumus salam Malam. Minna wa minkum, amin ya Allah. Na gode sosai, ban zaci wani ya lura ba. Mutanen gida za su ji. Ya Sallah? Me aka goge?" Na karanta ta fi sau ashirin. Da na kai wa Yaya, ba ta tsaya kan amin da godiya ba, ta ce waɗannan kowa za a ba shi. Ta nuna min wurare biyu. Na farko, ta taɓa jimlar isharar da kanta, ta ce ba ta zaci wani ya lura ba, alhali tana iya tsallake ta ba wanda zai zarge ta. Na biyu, ta yi tambaya, kuma wanda yake son rufe hira ba ya tambaya. Amma ta gargaɗe ni cewa wannan ba amincewa ba ce, izini ne kawai na in sake magana. Game da abin da aka goge, na so in ce kuskure ne, wani zan tura wa. Yaya ta ce kada in fara da ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, ga wadda na yaba da riƙon amana. Na bari aka yi kamar awa ɗaya, na rubuta: "Sallah alhamdulillah. Gajen haƙuri ne ya sa na tambaya ko saƙon ya shigo, sai na ga bai dace ba na goge. A yi min afuwa." Ta amsa da cewa ba komai, baƙi ne suka yi yawa jiya. Na yi mata fatan alheri na tsaya a nan, duk da yatsuna suna ƙaiƙayi.

Tsakanin Ƙaramar Sallah, 1 ga Shawwal, da Babbar Sallah, 10 ga Zulhijja, kwana kusan saba'in ne. Na ƙirga su. A cikinsu kwas ɗinmu ya ƙare, mun yi magana sau huɗu ko biyar, duk a kan jarabawa da takardar shaida, sau biyu ita ta fara. Na lura gaisuwarta a aji ta ɗan canza, ba wani abu babba ba, ta kan tsaya ta tambayi mutanen gida. A wannan tsakanin ne maganar malamin nan ta riƙa dawo min, domin na fara jin daɗin zama a bakin ƙofa. Ishara tana da daɗi, ba a ƙi ka ba, ba a kuma ɗora maka nauyi ba. Sai na ga in na ci gaba a haka, ita nake cuta, tana iya zama tana jiran abin da ban furta ba, ko ta ɗauke ni cikin masu wasa da hankalin mutane. Na sanar da mahaifina niyyata kafin watan Zulhijja ya kama, don kada in yi maganar da ba ni da ƙafar tsayawa a kanta.

A Babbar Sallah ban tura ranar farko ba, don na san wuni ne na aiki a kowane gida. Na bari sai washegari da hantsi. Gaisuwar iri ɗaya ce da ta baya, sai jimlar ƙarshe da na canza: "A gaida mutanen gida. Ina da burin in zo in gaishe su da kaina, in kin ga babu damuwa, in kuma akwai, wallahi ba zan ga laifinki ba." Wannan ta wuce ishara, kowa ya san me zuwa gaida iyaye yake nufi. Amma na bar mata ƙofar fita a cikin jimlar, kuma da gaske nake.

Wani abokina ya bi irin wannan hanyar a Sallar da ta gabata, nasa bai yi kyau ba, kuma daga nasa na ƙara fahimtar nawa. Saƙonsa ba shi da aibi. Amsar da ya samu ita ce "Amin, na gode", ba ƙari. Ta tsallake jimlar isharar kamar ba ta gan ta ba, ba ta tambaye shi komai ba. Wannan amsa ce cikakkiya, ta mutunci, irin wadda saƙon ishara aka gina shi don ya ba da damarta. Shi kuwa ya ɗauka ba ta gane ba ne, ya sake turawa yana fassara abin da yake nufi, ya biyo da kira sau uku. A kwana na uku ta toshe shi. Mata suna gane ishara fiye da yadda muke zato. In ta yi kamar ba ta gane ba, mafi yawan lokaci ta gane ne ta zaɓi ta rufa maka asiri, kuma abin da ya rage maka shi ne ka karɓi rufin asirin, ku ci gaba da gaisawa kamar da.

Da za a mayar da ni daren 20 ga Ramadan, binciken nan na ko akwai wani a kanta ba zan tsallake shi ba, kuma zan sake ba wata mace babba saƙon ta karanta kafin in tura, domin duk kurakuran da ke cikin rubutuna uku na farko ban ga ko ɗaya da idona ba. Zan bar ishara a jimla ɗaya tak, a kan hali ba a kan sura ba, a kan abin da na gani da idona ba yabon da za a iya yi wa kowa ba. Abin da zan canza shi ne abin da ya biyo bayan dannawa. Da na san cewa ranar Sallah mace tana iya ɗora hoto a cikin daƙiƙa biyar amma ta kasa samun minti goma na natsuwar da za ta amsa saƙon da ya sa ta tunani, da na miƙa wa Yaya wayata ta riƙe min har gobe. Jinkirin amsa ga irin wannan saƙon ba ya nuna komai a kwana na farko, wani lokacin ma saƙon da aka ɗauka da muhimmanci shi ake bari sai an zauna.

Amsar saƙon Babbar Sallah ba ta zo a ranar ba, ba ta zo washegari ba. Wannan karon ban tura komai ba, ban goge komai ba, na ma daina leƙa Status ɗinta. A kwana na shida, bayan Magariba, ta rubuto: "Malam, na yi shawara. Ka fara magana da Yayana tukuna, shi zai faɗa maka lokacin da ya dace." Ta sa lambarsa a ƙasa. Na kira shi washegari da safe, muryata tana rawa, ya saurare ni har na gama, ya tambayi sunan mahaifina da aikin da nake yi, sannan ya ce in same shi ranar Asabar bayan La'asar.